Yadda ake sake rubuta awon magani daga hoton takardar kwali, har ya zama umarnin da uwa za ta iya bi

Wajen ƙarfe goma na dare ƙanwata ta turo mini hoto a waya, da gajeren saƙo a ƙarƙashinsa: "Yaya, don Allah duba mini, nawa zan ba shi? Jikinsa ya yi zafi rau." Hoton na takardar nan ce mai ƙananan rubutu da ake naɗewa a cusa cikin kwalin magani. Ta ɗauke shi a karkace, hasken kyamara ya haske tsakiyar jadawalin, babban yatsanta kuma ya rufe kusurwar sama inda sunan maganin yake. Yaron shekararsa uku, maganin kuwa parasitamol ne na ruwa.

Duk wanda ya ɗan iya karatu a dangi ya san irin wannan saƙo. Ana turo maka ne don an yarda da kai, kuma abin da ka rubuta shi za a bi, ba takardar ba. Saboda haka aikinka guda ɗaya ne: ka ɗauko abin da takarda ta faɗa, ka mayar da shi magana mai sauƙi ba tare da ka canza ko lamba ɗaya ba, sannan ka tura mai tambaya wurin mai harhaɗa magunguna, wato famasis, ya tabbatar. Tafinta ne kai, ba likita ba. Zan bi wannan misali na parasitamol daga farko har ƙarshe, domin magani ne da kowa ya raina, kuma a kansa ne ake yin kuskuren da ya fi wuyar ganewa.

Mataki na ɗaya: ka ƙi hoton da bai yi ba

Abin da na fara rubuta mata shi ne ta sake ɗauka. Ta ji haushi, na sani, amma hoto marar kyau ya fi rashin hoto haɗari, don yana sa ka cika gurbi da zato. Ɗigon da ke tsakanin 7 da 5 a cikin 7.5 bai kai ƙwayar rairayi ba a jikin takarda. Idan ninkin takarda ya bi ta kansa, ko haske ya cinye shi, abin da ido zai gani 75 ne.

Na ce ta shimfiɗa takardar a kan tebur ta baje ninkin da tafin hannu, ta kashe hasken kyamara, ta tsaya inda fitila ke haskawa daga gefe, ta riƙe wayar daidai saman takardar ba a jirkice ba. Maimakon hoto ɗaya na takardar gaba ɗaya, ta ɗauki kowane sashe daban, kuma kowane hoto ya ɗan haɗa da ƙarshen wanda ya gabace shi, don a san ba a tsallake layi ba. A haɗa da bayan takardar. Wasu manhajojin aika saƙo suna matse hoto su rage masa kaifi, don haka idan rubutun ya iso maka da hazo, ka ce a turo shi a matsayin fayil.

Sai hotuna uku da mutane ba sa tunawa da su: gaban kwalbar, inda aka rubuta ƙarfin maganin; gefen kwalin, inda ranar ƙarewar aiki take; da abin awon da ya zo cikin kwalin, sirinji ne ko cokalin roba ko ƙaramin kofi. Idan akwai takardar da famasis ya manna a jikin kwalbar da sunan mai maganin, ita ma a ɗauke ta, kuma za mu dawo kanta.

Ƙa'idar ita ce: duk lambar da ba ka gani ƙarara ba bayan ka buɗa hoton, ba ka rubuta ta.

Mataki na biyu: ka tabbatar takardar ta wannan kwalbar ce

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne ramin yake. A gidaje da yawa ana tara magunguna wuri ɗaya, kwali ya yage, takarda ta rabu da kwalbarta. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, kalar kwali kusan ɗaya, amma ƙarfin ya bambanta.

Maganin ruwa yana da lambobi biyu da ake rikita su. Miligiram, da ake rubutawa `mg`, shi ne nauyin ainihin maganin. Mililita, `ml`, ita ce yawan ruwan da aka narkar da shi a ciki. Uwa mililita take aunawa da sirinji, amma jikin yaro miligiram yake karɓa. Abin da ya haɗa su biyun shi ne ƙarfin da ke gaban kwalba. Idan ka ga `120 mg/5 ml`, ana nufin kowace mililita 5 ta ruwan tana ɗauke da miligiram 120 na magani.

Parasitamol na yara ba ƙarfi ɗaya yake zuwa da shi ba. Akwai `120 mg/5 ml` na ƙananan yara, akwai `250 mg/5 ml` na waɗanda suka kai shekara shida, a wasu ƙasashe `160 mg/5 ml` ake sayarwa, akwai kuma na ɗigawa jarirai mai `100 mg/ml`. Ka lura da na ƙarshen nan da kyau: 100 ya fi 120 ƙanƙanta a ido, amma a cikin mililita ɗaya tak yake, ba biyar ba. Ya fi na farkon ƙarfi fiye da ninki huɗu.

Ga yadda abin yake a kan mililita 7.5, awon da za mu tarar a jadawalin yaronmu:

```
120 mg/5 ml  x 7.5 ml = 180 mg
250 mg/5 ml  x 7.5 ml = 375 mg
100 mg/ml    x 7.5 ml = 750 mg
```

Sirinji ɗaya, layi ɗaya, amma magani ya tashi daga 180 zuwa 750. Shi ya sa ba a taɓa rubuta wa mutum "ba shi mililita kaza" kawai. Dole awon ya tafi tare da ƙarfin kwalbar a jimla ɗaya, kamar ɗan jirgi da filafilinsa. Da hoton kwalbar ƙanwata ya iso, na ga `120 mg/5 ml`, na duba saman takardar na ga shi ɗin ne. Da sun saɓa, da aikin ya tsaya nan, sai an je wurin famasis da kwalbar a hannu.

Ka kuma nemi sunan ainihin sinadarin, ba sunan kasuwa kawai ba. Yana ƙarƙashin babban sunan da ƙananan haruffa. A kan takarda za ka ga `paracetamol`, wasu kuma `acetaminophen` suke rubutawa, kuma duk abu ɗaya ne. Wanda bai san haka ba yana iya ba yaro duka biyun yana ganin magunguna biyu ne daban.

Mataki na uku: ka san wa za a ba

Tambayoyi kaɗan ne, ka yi su kafin ka taɓa jadawali. Shekarunsa nawa daidai, da watanni? Nauyinsa nawa, kuma yaushe aka auna? Yana shan wani magani yanzu, ko da na mura ne? Yana da ciwon hanta ko na ƙoda, ko wani magani ya taɓa yi masa borin jini? Yaushe aka ba shi na ƙarshe? Ƙanwata ta ce shekara uku da wata biyu, kilo 14 a awon watan da ya wuce, lafiyarsa ƙalau kafin wannan zazzaɓin, kuma ba ta ba shi komai daga wannan kwalbar ba tukuna. Maganar wani magani kuwa, ta ce babu. Ka riƙe wannan amsar, za ta dawo.

Mataki na huɗu: ka kwafe kafin ka fassara

Takardun magani da yawa suna bin tsari mai sassa shida: menene maganin da amfaninsa, abin da ya kamata a sani kafin a sha, yadda ake sha, illolin da zai iya jawowa, yadda ake adana shi, sai abin da ke cikin kwalin. Awo yana sashe na uku. Amma kada ka yi tsalle ka faɗa can kai tsaye, don sashe na biyu ne ke faɗin wanda bai kamata ya sha ba sam, kuma babu amfanin awo daidai ga wanda aka hana maganin.

Ka ɗauki biro da takarda ka kwafe lambobin yadda suke. A jadawali, ka sa yatsa a kan layin shekarun yaron ka bi shi a kwance har ƙarshe, domin a hoton da ya ɗan karkace ido yana zamewa zuwa layin ƙasa ba tare da ka sani ba. Jadawalin da ke takardarta ya nuna: wata 3 zuwa 6, mililita 2.5, wata 6 zuwa 24, mililita 5, shekara 2 zuwa 4, mililita 7.5, shekara 4 zuwa 6, mililita 10. Wannan na takardarta ne, takardar da za a turo maka tana iya bambanta, kuma taka za ka bi. A ƙarƙashin jadawalin akwai sharuɗɗa: a bar aƙalla awa huɗu tsakanin sha da sha, kada a wuce sau huɗu cikin awa 24, kada a haɗa da wani magani mai parasitamol, kada a wuce kwana uku ba tare da an ga likita ko famasis ba, kuma a girgiza kwalbar sosai kafin a auna.

Ka lura shekara huɗu ta fito a layi biyu. Yaronmu ɗan uku ne, abin bai shafe shi ba. Da a ce huɗu ne cif, ba ni zan zaɓa masa layi ba, sai in rubuta tambayar in ajiye wa famasis.

Wasu takardu, musamman waɗanda aka buga da Faransanci da wasu harsunan Turai, waƙafi suke sawa a madadin ɗigo, su rubuta 2,5 suna nufin biyu da rabi. Sai kuma `mcg` ko `µg`, wato maikirogiram, wanda dubu ɗaya nasa ne ke yin miligiram ɗaya. A hoto mai hazo ba wuya a karanta shi `mg`.

Idan kana son kwantar da hankalinka, akwai ɗan lissafin dubawa. Awon parasitamol da aka saba ga yara shi ne miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyin jiki a sha ɗaya. Miligiram 180 a raba wa kilo 14 ya ba da kusan 13, wato yana cikin iyaka. Wannan lissafi na gano kuskuren karatu ne kawai. Idan ya fita waje da iyaka, ko dai ka karanta layin da ba shi ba, ko kuma yaron ya yi ƙanƙanta ko girma sosai a kan shekarunsa, kuma duka biyun dalili ne na tsayawa a tambaya, ba na ƙirƙiro sabon awo da kanka ba.

Mataki na biyar: kalmomin da ke yaudara

Yanzu aka zo fassara, kuma a nan sauƙaƙawa ke iya zama ɓarna. Da na rubuta mata "ki ba shi duk bayan awa huɗu," da na yi mata ƙarya da kalmomin takardar. Awa 24 a raba huɗu-huɗu sau shida ke nan, takarda kuwa ta ce kada a wuce huɗu. Awa huɗun nan tazara ce mafi ƙanƙanta, ba jadawalin sha ba ce. Sharuɗɗa biyu ne da ke aiki tare, kuma dole su zauna kusa da juna a rubutunka.

Da na ce "sau huɗu a rana," nan ma da gyara. A Hausa rana tana nufin yini, tana kuma nufin kwana guda cur. Uwa tana iya ba da huɗu daga safe zuwa faɗuwar rana, ta ɗauka dare lissafinsa daban ne. Awa 24 ɗin kuma ba ta sake farawa don agogo ya buga sha biyun dare. Idan aka ba yaro da shida na safe, da goma, da biyun rana, da shida na yamma, an bi tazarar awa huɗu daidai, amma an cinye rabon gaba ɗaya, babu wani sai shida na safiyar gobe. Ga dare mai tsawo a gaba, ga yaro da zazzaɓi. Shi ya sa ya fi kyau ka faɗa wa uwa tun farko cewa idan ta bar awa shida tsakani, huɗun za su kai ta har wayewar gari.

Sai `up to`, ƙaramar magana da ake yawan yar da ita a fassara. Ma'anarta "har zuwa," iyaka ce ba umarni ba. Parasitamol na zazzaɓi ana ba da shi ne idan da buƙata. Yaron da ya warware yana wasa, ko yake barcinsa lafiya, ba a tashe shi don a cika huɗu. Wannan ya bambanta da maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita ya rubuta, wanda ake sha a kan lokaci har iya kwanakin da aka ɗiba. Idan ka rubuta su da salo ɗaya, ka ɓata ɗaya daga ciki.

Kalmar "cokali" kuwa ka cire ta daga rubutunka gaba ɗaya. A harshen takardar magani ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15 ne, amma cokulan gida ba su da awo tsayayye, wani ya ninka wani. Ka rubuta mililita, ka faɗi abin da za a auna da shi. Sirinjin ƙanwata iyakarsa mililita 5 ne, don haka 7.5 ba za ta shiga a zuƙa ɗaya ba. Sai na raba mata: cike ɗaya zuwa layin 5, sannan na biyu zuwa layin 2.5. Wannan ɗan bayani ya fi duk sauran yi mata amfani a daren.

A rubuta lamba ma akwai ladabi. Ka sa sifiri a gaban ɗigo, 0.5 ba .5 ba, kuma kada ka ƙara sifiri a baya, 5 ba 5.0 ba, don idan ɗigon ya ɓace sai ya koma 50. Ni nakan rubuta lambar sannan in maimaita ta da kalmomi.

A takardar likita ko wadda aka manna a kwalba kana iya cin karo da gajerun haruffa: `od` sau ɗaya a kwana, `bd` ko `bid` sau biyu, `tds` ko `tid` sau uku, `qds` ko `qid` sau huɗu, `prn` idan da buƙata, `nocte` da dare. Idan rubutun hannu ne kuma harafi ɗaya bai fito ba, kada ka yi canke.

Mataki na shida: rubutun kansa

Jimla ɗaya, umarni ɗaya. Ka fara da sunan magani da ƙarfinsa da wanda aka rubuta wa, ka ƙare da inda za a tabbatar. Ga abin da na tura mata:

> Wannan na parasitamol ɗin ruwa ne mai ƙarfin 120 mg/5 ml, kwalbar da kika turo hotonta kawai, kuma na ɗanki mai shekara uku ne kawai.
>
> Ki girgiza kwalbar sosai. Ki auna mililita 7.5, bakwai da rabi, da sirinjin da ya zo cikin kwalin: ki zuƙa zuwa layin 5 ki ba shi, ki sake zuƙa zuwa layin 2.5 ki ba shi. Ki riƙe shi a zaune, ki matsa a hankali ta gefen kumatunsa.
>
> Ki ba shi ne kawai idan zazzaɓi ko ciwo na damunsa. Ki bar aƙalla awa huɗu kafin ki sake. Kada ki wuce sau huɗu cikin awa 24, dare da rana a haɗe. Duk sanda kika ba shi, ki rubuta lokacin a takarda.
>
> Kada ki haɗa shi da wani maganin mura, tari ko ciwo sai an duba ko akwai parasitamol a ciki. Kada ki wuce kwana uku ba a gan shi a asibiti ba.
>
> Idan ya sha fiye da haka, ko kina zaton ya sha, ki kai shi asibiti nan take ko da yana wasa lafiya lau, ki tafi da kwalbar.
>
> Na kwafo wannan ne daga hoton takardar. Gobe da safe ki kai kwalbar da takardar wurin famasis, ki nuna masa wannan saƙon ya tabbatar.

Jimlar nan ta "ko da yana wasa lafiya lau" kada ka taɓa yanke ta don taƙaitawa. Parasitamol da ya yi yawa hanta yake ci, kuma a ranar farko yaro yana iya zama garau ko ya yi ɗan amai kawai. Alamun lalacewar hanta sukan bayyana ne bayan kwana ɗaya zuwa uku, alhali maganin da ke karya shi ya fi aiki idan aka fara da wuri, cikin awa takwas na farko. Uwar da ke jiran alama za ta makara.

Na kuma ƙara mata da baki cewa parasitamol zafin jiki yake saukarwa, ba ya warkar da abin da ya kawo zafin. Idan yaro ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sandare, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya ƙi shan komai, ko ya yi laushi ba a iya tashinsa, ba maganar awo ake yi ba, asibiti za a nufa. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓinsa na likita ne tun daga farko.

Bayan ka tura, kada ka tambayi "kin gane?" don amsar kullum "na gane" ce. Ka ce ta faɗa maka da bakinta abin da za ta yi, ko ta zuƙi ruwan sha a sirinjin ta turo hoton inda ya tsaya. Ƙanwata ta turo, sai na ga tana karanta layin daga saman ruwan da ke bakin sirinjin maimakon daidai gefen robar da ke tura ruwan. Muka gyara a minti ɗaya. Ga wanda ba ya karatu, ka karanta masa rubutun a saƙon murya, kalma bayan kalma, kada ka yi shi da ka.

Inda ya kamata ka ajiye biro

Akwai takardun da ba a sauƙaƙa su daga hoto, komai iya Turancinka. Idan awon ya zo a sigar miligiram kaza a kowane kilo a kwana, da `divided doses` a bayansa, lambar da kake gani ta kwana guda ce gaba ɗaya wadda za a rarraba, ba ta sha ɗaya ba. Takardun maganin ruwa irin amokzisilin haka suke zuwa, da faɗin iyaka mai yawa, domin likita ne ke zaɓar awo gwargwadon cutar. Wanda ya ɗauki jimlar kwana ya ba da ita sau uku ya ninka maganin uku. A irin wannan, abin da aka rubuta a takardar da aka manna a kwalba shi ke gaba da takardar kwali, don ta kwalin ta kowa ce, ta jikin kwalbar kuwa ta mutum ɗaya ce. Idan biyun suka saɓa, ba kai za ka raba gardama ba.

Haka insulin, da magungunan tsinka jini irin su wafarin, da na farfaɗiya, da masu ƙarfi na kashe ciwo, da duk wanda ake ƙara awonsa ko ragewa a hankali. Metotireset misali ne mai tsoratarwa: ga ciwon gaɓɓai da wasu cututtukan fata sau ɗaya a mako ake shan sa, kuma an yi asarar rayuka saboda an sha shi kullum bisa kuskure. Mai ciki, mai shayarwa, dattijo mai shan magunguna barkatai, mai ciwon ƙoda ko hanta, duk amsarka gare su ɗaya ce: "Wannan ya fi ƙarfina, a kai wa famasis ko likitan da ya rubuta."

Mataki na bakwai: wurin famasis

"Ki tambayi famasis" kawai ba shawara ba ce, wanke hannu ne. Ka faɗa mata abin da za ta ɗauka da abin da za ta tambaya. Ta tafi da kwalbar, da takardar, da sirinjin, da duk wani magani da yaron ke sha a kwalinsa, da takardar lokutan da ta rubuta. Kuma ta nemi ainihin mai harhaɗa magunguna, don ba duk wanda ke tsaye bayan kanta ne ya karanci aikin ba. Babu laifi a tambaya.

Tambayoyin da na rubuta mata huɗu ne: shin mililita 7.5 na wannan kwalbar ya dace da shekarunsa da nauyinsa, shin akwai abin da bai kamata a haɗa da shi ba cikin waɗannan, idan ya amayar bayan an ba shi me za a yi, kuma kwalbar tana kai wane lokaci bayan an buɗe ta. Ta ukun nan takardarta ba ta amsa ba, ni ma ban amsa ba. Abin da takarda ta yi shiru a kai, kai ma ka yi shiru ka mayar da shi tambaya.

Da ta dawo ta kira ni. Ta ce ta miƙa wa famasis wayar ta ce, "Sannu da aiki, Malam, yayana ne ya rubuta mini wannan daga takardar, don Allah a duba mini." Ya karanta, ya ɗaga kwalbar ya duba ƙarfin, ya ce awon daidai ne. Sai ya tambaye ta mece ce ɗaya kwalbar da ke cikin jakarta. Maganin mura ne da take ba yaron kwana biyu kafin zazzaɓin, wanda ba ta ƙirga shi a magani ba lokacin da na tambaye ta, don a wurinta "na mura ne kawai." Ya juya bayan kwalin ya nuna mata parasitamol a jerin abubuwan da ke ciki. Ya ce ta ajiye na murar, ya duba takardar lokutanta ya lissafa abin da yaron ya sha jimla, ya faɗa mata lokacin da za ta iya sake ba shi.

Na yi tambayar, na kuma rubuta gargaɗin, amma ban ga kwalbar ba, don ba ta cikin hoto. Tun daga ranar na daina tambayar "yana shan wani magani?" Yanzu cewa nake a jera mini duk kwalba da ƙwaya da aka ba shi a makon nan a kan tebur, a ɗauke su hoto ɗaya, sannan a juya bayan kowanne a sake ɗauka.

Na buɗe saƙon na gyara shi: na ƙara sunan maganin murar a layin abin da ba za a haɗa ba, na sa amsar famasis a kan amai yadda ya faɗa mata, na rubuta kwanan wata a sama da kalmomin "famasis ya duba." A ƙasa na ƙara cewa ranar da aka sayi sabuwar kwalba, ko yaron ya cika shekara huɗu, ta goge saƙon ta turo mini sabon hoto, kuma kada ta tura shi ga wata uwa, ko da ɗanta sa'an nata ne.